Layi ɗaya a takardar banki: yadda ɗan kasuwar Gadarif zai nemi a mayar masa da kuɗinsa

 

Duk wanda ya shiga kasuwar amfanin gona ta Gadarif a lokacin kakar riɗi ya san yadda mutanenmu suke da ido a kan awo. Mutum zai tsaya a gaban sikeli, ba zai ɗauke kai ba sai ya ga inda allura ta tsaya, kuma idan aka rage masa ko da ɗan kaɗan ne, sai an sake awon. Amma wannan mutumin, idan ya karɓi takardar bayanin asusunsa daga banki, wadda a nan muke kira kashfu hisab, sai ya duba layin ƙarshe kawai, ya ga abin da ya rage, ya naɗe takardar ya sa a aljihu. Layukan da ke tsakiya, inda aka rubuta umula, wato kamashon banki, ko masarif, ko damga, ba ya karanta su. In ma ya karanta ya ga abin da bai gane ba, sai ya je ya yi wa ma'aikacin kanta magana da baki, a ce masa ya dawo gobe, maganar ta bi iska.

Wannan halin bai dame mu sosai ba a da, domin yawancin cinikinmu da tsabar kuɗi ake yi. Yanzu abin ya sauya. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, tsabar kuɗi ta yi wuya, mutane suka koma biyan juna ta waya, ta manhajoji irin su Bankak. Sannan a watan Disamban 2024 Babban Bankin Sudan ya fara canjin takardun fam 500 da fam 1,000, kuma jihar Gadarif na cikin jihohin da aka fara da su. Sharaɗin canjin shi ne mutum ya zuba tsofaffin takardunsa a asusu. Ta haka manomin da bai taɓa taka ƙofar banki ba, da mai shago, da dillalin dawa, suka wayi gari da asusu da kuma takardun da suka sa wa hannu cikin cunkoso ba tare da sun karanta ba. A kan waɗannan takardun nake son mu tsaya yau, domin su ne makamin mutum a ranar da ya ga an cire masa kuɗin da bai yarda da su ba.

Bari in kawo misali. Misali ne na ƙaddara shi, adadin kuɗin da lambobin sassan da zan ambata nawa ne, ba na wani banki ba ne. Kowa ya duba takardunsa ya ga abin da nasa bankin ya rubuta.

Mu ɗauka wani ɗan kasuwar riɗi ne, wanda ya buɗe asusunsa a wani reshen banki a Wad Madani shekaru da suka wuce. Da garin ya faɗa cikin yaƙi a Disamban 2023, ya kwaso iyalinsa ya dawo Gadarif wurin dangi, kamar yadda dubban mutane suka yi. Ya ci gaba da amfani da asusun nasa a reshen bankin da ke nan. Daga baya wani ma'aikaci ya ba shi shawara ya cike takardar mayar da asusun zuwa reshen Gadarif. Ya cike, aka amince, aka buga masa hatimi ranar 9 ga Nuwamba, aka ba shi kwafi.

A cikin wannan watan ya zuba tsabar kuɗi sau uku. Ranar 4 ga wata ya zuba fam miliyan 8. Ranar 17 ya zuba miliyan 12. Ranar 26 ya zuba miliyan 5. Da ya karɓi kashfu hisab ranar 2 ga Disamba, sai ya ga a ƙarƙashin kowane zubi akwai wani ƙaramin layi a ɓangaren madin, wato ɓangaren abin da aka cire: fam 16,000 a na farko, fam 24,000 a na biyu, fam 10,000 a na uku. A gefen kowanne an rubuta kalma ɗaya kawai, umula. Jimilla fam 50,000.

Abin da zuciya za ta faɗa masa shi ne ya tafi banki ya ce an sace masa fam 50,000. In ya yi haka ya ɓata shari'arsa tun kafin a fara. Aikin farko a gida ake yin sa, da biro da takarda. Ya raba kowane kamasho da kuɗin da ya zuba: 16,000 a kan miliyan 8, 24,000 a kan miliyan 12, 10,000 a kan miliyan 5. Duka ukun amsa ɗaya suke bayarwa, fam 2 a kan kowane fam 1,000. Wannan ɗan lissafin ya riga ya gaya masa abu mai muhimmanci. Kuɗin ba kuskuren yatsa ba ne, ba kuma wani ne ya sa hannu a asusunsa ba. Ƙa'ida ce da na'urar banki take aiwatarwa da kanta duk lokacin da ya yi zubi. Tambayar da ta rage ita ce, wace ƙa'ida ce, kuma ta shafe shi?

Amsar tana cikin takardu biyu. Ta farko ita ce yarjejeniyar buɗe asusu, wadda sharuɗɗanta suke a bayan fom ɗin da ya sa wa hannu. Ta biyu ita ce ta'arifa, wato jadawalin kuɗin da banki yake karɓa a kan kowace hidima. Yarjejeniyar ba kasafai take faɗin adadi ba. Abin da takan ce shi ne banki zai riƙa cirar kuɗin hidimarsa bisa ta'arifar da ya sanar. Saboda haka ɗaya ba ta aiki sai da ɗayar. Mutuminmu takardunsa na asali sun salwanta a Wad Madani, don haka ya nemi reshen ya ba shi kwafin sharuɗɗan da kwafin ta'arifa. A nan akwai wurin da mutane da yawa suke tuntuɓe. Ta'arifar da yake buƙata ita ce wadda take aiki a ranakun da ya yi zubin, ba wadda aka manna a bango yau ba. Da irin tsadar da muke ciki, bankuna suna sabunta farashin hidimarsu, kuma idan ka kafa hujja da jadawalin da bai dace da ranar ba, da jimla ɗaya za a rushe wasiƙarka.

Mu ce ya samu, ya karanta. Sashe na 7 na sharuɗɗan ya ce banki ba zai cire kuɗin hidima ba sai wanda ke cikin ta'arifa. A cikin ta'arifar ya tarar da layi biyu kusa da juna. Ɗaya ya ce zuba tsabar kuɗi a reshen da asusun yake kyauta ne. Ɗayan ya ce zuba tsabar kuɗi daga wani reshe dabam ana karɓar fam 2 a kan kowane 1,000. Yanzu abin ya fito fili. Na'urar banki har yanzu tana ɗaukar sa a matsayin mutumin reshen Wad Madani wanda yake zubi a Gadarif, duk da takardar da aka buga wa hatimi ranar 9 ga wata. An amince da sauyin a kan takarda, amma ba a gyara lambar reshen a cikin na'ura ba.

To, sai dai lissafin ya nuna masa wani abin da ba zai yi masa daɗi ba. Zubin farko ranar 4 ga wata aka yi shi, kwana biyar kafin a mayar da asusun. A ranar, shi mutumin wani reshe ne da gaske, kuma fam 16,000 ɗin nan haƙƙin banki ne bisa abin da ya sa wa hannu. Abin da yake da hujja a kai fam 34,000 ne kawai, wato 24,000 da 10,000. A ganina ya kamata ya faɗi wannan da kansa a cikin wasiƙar. Na farko, gaskiya ce. Na biyu, manajan da ya ga mai ƙorafi ya ware abin da yake bi daga abin da ba ya bi, ya san yana magana da wanda ya karanta takardunsa. Wanda ya nemi 50,000 gaba ɗaya ya ba banki damar ya ba shi amsa a kan zubin farko kawai, ya nuna masa ya yi kuskure, ya yi shiru a kan sauran biyun.

Akwai wani sashe kuma da dole ya nemo kafin ya ɗauki biro, kuma shi ne ya fi kowanne haɗari. Sharuɗɗan asusu sukan ƙunshi maganar cewa idan mai asusu bai rubuto ƙin amincewa cikin wani adadin kwanaki bayan ya karɓi kashfu hisab ba, za a ɗauka ya yarda da duk abin da ke ciki. A misalinmu sashe na 12 ne, kuma kwana 15 ya bayar. Ya karɓi takardar ranar 2 ga Disamba, ke nan ranar 17 ƙofa za ta rufe. Ku lura da kalmar "rubuto". Zuwa banki ko sau uku ne yana gaisawa da ma'aikacin kanta, ana ce masa in sha Allahu za a duba, ba ya tsayar da ƙirgen kwanakin nan. Ba lallai ma'aikacin yana da mugun nufi ba, layi ne a gabansa har bakin titi. Amma kwanakin suna tafiya, kuma maganar baki ba ta barin sawu a fayil.

Wasiƙar da Larabci za a rubuta ta, domin shi ne harshen aiki a bankunanmu. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutun Larabci ba yakan je wurin ardahalji, masu rubuta wa mutane takardun koke a bakin kotu da ofisoshi. Babu laifi a haka, sana'arsu ce kuma sun iya ta. Sai dai a gaya masa irin takardar da ake so. Hannunsa ya saba da istirham, wato takardar roƙo da neman jin ƙai, wadda ake cikawa da yabon shugaba da bayanin halin da iyali suke ciki. Wannan kuwa i'itirad ce, takardar ƙin amincewa. Mai roƙo yana neman alfarma, kuma alfarma ana iya hana ta ba tare da an ba da dalili ba. Mai ƙin amincewa yana cewa ga abin da muka yi yarjejeniya a kai, ga abin da aka yi, ba su dace ba.

Ga yadda za ta kasance idan aka mayar da ita Hausa. A sama ranar rubutu, sai "Zuwa ga Manajan reshen Gadarif", sai sunan mai asusu da lambar asusun. Kan magana: ƙin amincewa da kamasho biyu a bayanin asusu na watan Nuwamba. Bayan sallama sai ya ce:

"Na karɓi bayanin asusuna na watan Nuwamba ranar 2 ga Disamba, kuma ina rubuto wannan ne cikin wa'adin kwana 15 da sashe na 12 na sharuɗɗan asusun ya tanada. Ban amince da cirar kuɗi guda biyu ba: fam 24,000 ranar 17 ga Nuwamba, da fam 10,000 ranar 26 ga Nuwamba, jimilla fam 34,000. Lambar kowace cira tana nan kamar yadda take a bayanin asusun. Duka biyun an lissafa su ne a kan fam 2 cikin 1,000, wanda a ta'arifarku kuɗin zubi ne daga wani reshe dabam. Asusuna ya dawo wannan reshe tun ranar 9 ga Nuwamba da amincewarku, kuma a wannan reshe na yi zubin biyu. Ta'arifar ta ce zubi a reshen asusu kyauta ne, sashe na 7 kuma ya ce ba za a cire abin da ba ya cikin ta'arifa ba. Ba na jayayya da fam 16,000 na ranar 4 ga Nuwamba, domin ya riga sauyin. Ina neman a mayar da fam 34,000 cikin asusuna, a gyara lambar reshen a na'ura don kada cirar ta maimaitu, a kuma ba ni amsa a rubuce cikin mako biyu. Idan banki yana ganin cirar daidai ce, ina neman a nuna mini sashen da ya dogara da shi."

Sai sa hannu, sai jerin abin da ya haɗa da wasiƙar: kwafin kashfu hisab da aka ja layi a ƙarƙashin cirar biyu, kwafin rasit ɗin zubi biyu masu hatimin reshen Gadarif, kwafin takardar mayar da asusu, da kwafin shafin ta'arifa. Shafi ɗaya ke nan da 'yan takardu huɗu.

Jimlar ƙarshe ita ce na fi so a cikin wasiƙar nan, wadda take cewa a nuna mini sashen. Da ita ya mayar da nauyin bayani kan wanda ya cire kuɗin. Daga nan amsar "haka na'ura take yi" ba ta wadatar, domin na'ura ba ta cikin waɗanda suka sa hannu a yarjejeniya. Neman gyaran lambar reshe kuma shi ne ainihin ribar wasiƙar. Wani zai ce fam 34,000 bai kai a ɓata yini a kansa ba. Amma mutumin da zai zuba fam miliyan 100 kafin kaka ta ƙare, fam 200,000 zai tafi masa ta wannan ɓarakar in ba a toshe ta ba.

Wata 'yar magana a kan rubuta adadi, domin mu a Sudan muna da wata al'ada da take rikita lissafi. Tun da aka kawo sabon fam a 2007, wanda ɗaya nasa ya yi daidai da 1,000 na tsohon fam, mutane da yawa ba su daina ƙirge da tsohon ba. A kasuwa za ka ji ana kiran fam 1,000 miliyan, ana kiran fam miliyan ɗaya milyar. Idan ka zauna gaban mai rubutu ka ce masa an cire maka miliyan talatin da huɗu, shi kuma ya rubuta yadda ya ji, ka kai wa banki wasiƙar da adadinta bai yi daidai da ko layi ɗaya a takardarsu ba. A kwafi adadin daga kashfu hisab lamba bayan lamba, a rubuta shi da lambobi, a sake rubuta shi da kalmomi.

Idan an gama, a yi kwafi biyu. Ɗaya a miƙa a ofishin manaja ko wurin mai karɓar wasiƙu, ɗayan a nemi a buga masa hatimin karɓa da kwanan wata da sa hannu, a koma da shi gida. Wannan hatimin shi ne shaidar cewa ka yi magana cikin wa'adi. Takardun asali kada su fita daga hannunka, kwafi ake bayarwa. Lambar sirri ta kati ko ta manhaja, da lambar da ake turowa ta saƙon waya, ba sa shiga wasiƙa, kuma duk wanda ya bugo waya ya ce daga banki yake, yana neman su don ya mayar maka da kuɗin, ka kashe wayar ka je reshen da ƙafarka. Hoton allon waya da mutane suke tura wa juna bayan sun yi ciniki yana da amfaninsa, amma bai kai kashfu hisab mai hatimi ba, domin ba ya nuna ƙananan layukan da ke biyo bayan zubi.

Me ya sa wannan wasiƙa take da ƙarfi a ƙasarmu musamman? Tun cikin shekarun 1980 aka ɗora bankunan Sudan a kan tsarin Musulunci, bayan Bankin Musulunci na Faisal ya fara buɗe hanya a ƙarshen shekarun 1970. A wannan tsari banki ba shi da ikon karɓar kuɗin ruwa. Abin da yake karɓa a kan zubi ko tura kuɗi ko littafin cak ladan aiki ne, ujra, kuma malaman fiƙihu sun sharɗanta cewa ladan aiki ya zama sananne ga ɓangarorin biyu, aikin ma ya zama sananne. Ta'arifa ita ce take sanar da ladan. Kuɗin da aka cire ba tare da yana cikinta ba, ko aka cire a kan hidimar da ba a yi ba, ya rasa abin da zai tsaya a kai. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Abu Dhabi a 1995, ta yanke cewa kuɗin da ke cikin asusun yau da kullum bashi ne da mai asusu ya ba banki, kuma bankin ne mai lamunin mayar da shi. Ke nan mutuminmu ba almajiri ba ne a ƙofar manaja. Shi ne mai bin bashi, yana tambayar dalilin da aka rage masa abin da yake bi.

Doka ma tana da abin cewa. Dokar mu'amalolin jama'a ta 1984 ta san irin yarjejeniyar da ɓangare ɗaya yake rubutawa shi kaɗai, ɗayan kuma ba shi da zaɓi sai ya karɓa ko ya bari. Sunanta akadul iz'an, kuma fom ɗin buɗe asusu ya yi kama da ita ƙwarai, domin ba a taɓa jin wanda ya zauna da banki ya yi cinikin sharuɗɗan ba. A irin wannan yarjejeniya, magana mai harshen damo ba a fassara ta yadda za ta cutar da wanda aka miƙa wa takardar, kuma kotu tana iya gyara sharaɗin da ya zama zalunci ko ta ɗauke masa shi. Ban ba da shawarar a cusa wannan a wasiƙar farko ba. Wasiƙar da ta fara da barazanar kotu a kan fam 34,000 takan tashi daga teburin manaja, wanda yake iya gyara abin cikin yini ɗaya, ta koma teburin lauyan banki, inda za ta jira layi. Amma yana da kyau mutum ya san cewa akwai wannan a bayansa.

Akwai kuma inda wasiƙar ba za ta yi aiki ba, kuma gara mu faɗa. Da a ce mutuminmu bai taɓa cike takardar mayar da asusu ba, duk kamashon uku halal ne ga banki, ko da kuwa ba da son ransa ya bar Wad Madani ba. A nan sai dai ya nemi sassauci, kuma wannan takarda ce dabam da harshe dabam. Haka nan idan layin da ya dame shi damga ne, wato kuɗin kan sarki, wannan na gwamnati ne, banki karɓa kawai yake yi ya miƙa. Abin da za a iya tambaya a kansa shi ne ko an lissafa shi daidai, ko an cire shi sau biyu. Wuri na uku shi ne inda banki ya ce ya sauya ta'arifa. Sharuɗɗa da yawa suna ba shi wannan iko, amma sukan faɗi hanyar da zai sanar, ko ta manna sanarwa a reshe, ko ta saƙon waya. Tambayar da za a yi a rubuce ita ce, yaushe aka sanar, kuma ta wace hanya? Idan sanarwar ta riga zubin kuma ta bi hanyar da aka yi yarjejeniya a kai, magana ta ƙare. Idan ta zo bayansa, sabon farashi ba ya komawa baya ya hau tsohon aiki.

Idan mako biyu suka wuce shiru, sai wasiƙa ta biyu, gajera, zuwa sashen koke-koke na hedikwatar bankin, a haɗa da kwafin ta farko mai hatimi. Idan abin da ake jayayya a kai ya shafi halaccin kuɗin a shari'a, misali wani ƙari da aka ɗora a kan bashin murabaha bayan an riga an tsayar da riba, kowane banki yana da kwamitin malamai masu sa ido, a samansu kuma akwai babbar hukumar sa ido ta shari'a da aka kafa a 1992. Bayan waɗannan sai Babban Bankin Sudan, wanda shi ne mai kula da bankuna duka. 'Yan uwanmu da ke saurare daga Kano ko Katsina sun san irin wannan tsani, domin Babban Bankin Najeriya yana da jadawalin cajin da ya yarda bankuna su karɓa da kuma sashen kare masu asusu, kuma can ma sai ka nuna ka fara kai kuka bankinka kafin a saurare ka. Ko'ina tambayar farko ɗaya ce: ina kwafin wasiƙar da ka rubuta, kuma yaushe aka karɓe ta?

Mu koma ga mutuminmu. Mu ce manaja ya duba, ya ga takardar 9 ga Nuwamba, ya ce masa an gyara. Kada ya tsaya a kan wannan kalmar. Ya nemi sabon kashfu hisab. Tsofaffin layukan biyu za su kasance a wurinsu, domin banki ba ya goge abin da ya riga ya shiga littafi. Abin da zai nema shi ne sabon layi a ɓangaren da'in, ɓangaren abin da ya shigo, da bayanin cewa an juya cirar, wanda ma'aikata suke kira aksu ƙaid, ko layi ɗaya na fam 34,000 ko layi biyu na 24,000 da 10,000. Idan aka ba shi takarda ya sa hannu cewa ya karɓa, ya karanta ya tabbata a kan cirar nan biyu kawai take magana, ba a kan duk wani haƙƙi da yake da shi a asusun ba.

Saura gyaran lambar reshe, wanda ba ya fitowa a kowace takarda da za a miƙa masa. Hanyar gane shi ɗaya ce. Kafin ya kawo kuɗin babban ciniki, ya fara zuba ɗan kaɗan, a ce fam 100,000, sannan ya duba asusun washegari. Idan ya ga an cire fam 200 a ƙarƙashinsa, na'urar har yanzu tana ganin sa a Wad Madani, sai ya koma wurin manaja da kwafinsa mai hatimi a hannu. Idan bai ga komai ba, ya kawo kuɗin riɗinsa.